Yadda na gyara ido, haƙora da yatsa na shida a katun ɗin amarya ba tare da na sake hoton ba

Duk wanda yake haɗa hoton katun da Stable Diffusion, injin AI ɗin nan mai zana hoto, ya san wannan ciwon kan. Hoto zai fito yayi kyau, ɗaurin ɗankwali ya zauna, kalar leshi ta fita, kana cikin murna sai kayi zum kaga ido ɗaya yafi ɗaya girma, haƙora sun narke sun haɗe wuri guda, hannu kuma yatsu shida reras. Abinda yawancin mu keyi shine mu sake danna `Generate` muna fatan a dace, to amma sabon hoton zai zo da nashi aibin, kuma fuskar nan da ta yi kama da mai ita ta tafi kenan. Ni yanzu in hoto ya yi kyau kashi mafi yawa bana taɓa shi, wurin da ya lalace kawai nake bi.

Ina aikin dizayin ne a nan Gombe, wajen Jekadafari, yawanci kayan biki, katin gayyata, sitika ta kofi da jaka, memo, kalanda. Kwanakin baya yayar wata amarya ta kawo mun hoton ƙanwarta da yardar ita amaryar, tace a maida shi katun za su buga a jikin memo da kalanda. Amaryar baƙa ce mai wushirya, ta sha kwalli, ta ɗora hannun dama a kumatu dan lallen ya fito. Wannan aikin zan bi daki daki dan duk matsalolin ukun sun haɗu a cikinsa.

Da AUTOMATIC1111 nake aiki, manhajar da ake sarrafa Stable Diffusion da ita, da wani modal na katun da aka gina kan Stable Diffusion 1.5, dan shine laftof ɗina yake iya ɗauka ba tare da ya dinga nishi ba. Na saka hotonta a `img2img` na fitar da katun ɗin a girman 512x768. Kamanni sun fito sosai, amma idon hagu ya fi na dama ƙanƙanta kuma yana kallon wani wuri daban, haƙoran sun zama wani farin abu mai layi layi ba tsari, wushiryar ta ɓace, hannun kuma ga yatsa ɗaya da ya tsiro tsakanin na tsakiya da na zobe.

Sai da na gane dalilin da yasa kullum waɗannan wuraren ne ke lalacewa sannan gyara ya fara yi mun sauƙi. Injin ba a kan hoton da kake gani yake zane ba. Akwai wani ɓangare da ake kira VAE da yake matse hoton sau 8 a tsaye sau 8 a kwance, wato hoton 512x512 yana komawa ɗan allo mai gida 64x64, a nan ake yin duk zanen, sai a ƙarshe a buɗe shi ya dawo babba. Kenan duk fiksel 8 gida ɗaya ne. Na auna a hoton amaryar nan, faɗin ido ɗaya wajen fiksel 24 ne, gida 3 kenan. Yatsa wajen fiksel 13, bai kai gida 2 ba. Haƙori ɗaya kuwa fiksel 5 zuwa 6, ko gida ɗaya bai cika ba. Kamar ka ba mai ɗinkin hula wurin da allura uku kawai za ta shiga kace ya fitar maka da fure cikakke, komai ƙwarewarsa dole ya cakuɗe. Dan haka ba wai furomt ɗinka, wato bayanin da ka rubuta wa injin, ne bai yi ba, wuri ne ya yi kaɗan, kuma ko ka cika `Negative prompt` da kalmomi har layi goma ba zai ƙara wa haƙori gida ba.

Maganin wannan yana cikin shafin `Inpaint`, wurin da aka rubuta `Inpaint area`. In ka barshi a `Whole picture` injin zai sake kallon hoton gaba ɗaya ne a ƙaramin girman nan, idon yana nan a gida 3 ɗinsa. In ka zaɓi `Only masked` kuwa sai ya yanko wurin da ka shafa da ɗan abinda ke kewaye, ya buɗa shi ya kai girman da ka saka a `Width` da `Height`, yayi zanen a nan, sannan ya rage shi ya manna a inda ya ciro. Duk gyaran da zan faɗa a ƙasa da wannan setin nake yinsa.

Amma kafin nan ina fara ƙara wa hoton girma ninki biyu a shafin `Extras`, da `R-ESRGAN 4x+ Anime6B` tunda zane ne, sai ya koma 1024x1536. Dalili kuwa, in ka gyara ido yayi kyau aka dawo aka matse shi cikin fiksel 24, rabin kyan ya zube a hanya. In ya zama 48 kuwa abin yana tsayawa. Kuma ina kashe `Restore faces` gaba ɗaya. GFPGAN da CodeFormer, waɗanda yake gyaran fuska dasu, da fuskokin mutane na gaske aka horar da su, in suka samu katun sai su dasa masa idon mutum da laushin fata na hoto, sai kaga fuska rabi zane rabi hoto, abin ba daɗin gani.

Da hannu nake farawa ko da yaushe in yana kusa da fuska, dan shine gyaran da yafi girma kuma yana taɓa kumatu da haɓa. In ka gama fuska tukuna ka dawo hannu, kana iya ɓata abinda ka riga ka gama.

Matsalar hannu ta fi ƙanƙanta kawai. Injin baya ƙirga, abinda ya koya shine bayan yatsa akwai tsaga, bayan tsaga akwai wani yatsa, bai da wani abu a ciki da zai ce masa an kai biyar a tsaya. Ga hannu kuma yana da yanayi kala kala, a dunƙule, a buɗe, wani yatsa ya ɓoye bayan wani. Mu kuma namu ya ƙara da lalle. Zanen baƙin lalle a bayan hannu da jan da ke kan yatsu, injin yana ɗaukarsu kamar layin da ya raba yatsa da yatsa, shi yasa hannun amare yafi kowane hannu lalacewa a wurina.

Abinda ke juya komai a nan shine `Denoising strength`, ni dinois nake ce masa. Yana daga 0 zuwa 1, yana nuna yawan yadda za a dagula abinda ke ƙarƙashin mas ɗin, wato wurin da ka shafa, kafin a sake zana shi. In ka shafa hannu mai yatsa shida ka saka 0.4, siffar tana nan, sai ya dawo maka da yatsu shida masu kyau da tsafta. In ka tura shi 0.75, wanda shine yake zuwa da shi tun farko, zai watsar da hannun ya ƙirƙiro wani, wataƙila mai huɗu, wataƙila ya juya tafin baya. Babu wata lamba a tsakiya da za ta cire yatsa ɗaya tak ta bar sauran, ko ta faru to sa'a ce. Dan haka kai ne za ka cire shi da hannunka.

Na buɗe hoton a Krita, manhajar zane ce ta kyauta, wanda bai da ita Photopea ma tana yi a burauza. Na buɗe sabuwar leya a sama. Abu na farko shine gane wane yatsa ne baƙo, dan ba ko yaushe ne na gefe ba. Ina farawa daga gaɓoɓin bayan hannu, in bi kowace gaɓa zuwa yatsanta, wanda bai da gaɓar da ya fito daga ita shine baƙon. Sannan na tsakiya dole shi ya fi tsawo, ƙaramin kuma ya tsaya wajen gaɓar ƙarshe ta na zobe. Ka kuma duba ɓangaren da babban yatsa yake, ka ɗora naka hannun a kumatu ka gwada, dan wani lokacin injin hannun hagu yake dasawa a damtsen dama, wannan kuwa cire yatsa ba zai gyara shi ba.

A hannun amaryar nan baƙon yana tsakiya, to in ka goge shi kawai zai bar wawakeken gibi. Sai na ɗebo kalar kumatu na shafe shi, na yanko yatsan zobe da ƙaramin tare na matso dasu ciki, sannan na rage faɗin bayan hannun kaɗan daga gefe tunda da faɗin yatsu shida aka zana shi. Wurin da hannun ya bari na cike da kalar mayafi. Lallen kuma na shafe shi duka da kalar fata, hannun ya koma fili. Zanen bai yi kyau ba ko kaɗan a wannan matakin, kuma ba a buƙatar yayi, abinda ake so siffa ta zama daidai, kaloli kuma su zama na cikin hoton.

Na dawo dashi `Inpaint`, na shafa mas a kan hannun duka har wuyan hannu da ɗan gefen kumatu, `Masked content` a `original` dan ya ginu kan abinda na zana, `Mask blur` 8, `Only masked padding, pixels` 64, wato padin, faɗin kewayen mas ɗin da za a haɗa a yanko, girma 512x512, dinois 0.45, `Sampling steps` 30. A lura, a wannan shafin ba duka 30 ɗin yake yi ba, yana ninka su ne da dinois, kenan wajen 13 zai yi, shi yasa bana barinsa a 20 in dinois ɗin ƙasa yake. Furomt ɗin kuma bana barin dogon nan na asali, tunda abinda injin yake gani yanzu hannu ne da gefen fuska, in ka bar maganar ɗankwali da leshi da murmushi zai nemi ya cusa su cikin ɗan wurin, har ƙaramar fuska na taɓa ganin ya zana a bayan hannu. Abinda na rubuta:

```
cartoon illustration, hand resting on cheek, dark brown skin, clean lineart, flat shading
```

`Seed` a -1, `Batch count` 4, sai in zaɓi wanda yafi. In duk sun fito da tabon burushi na, dinois yayi ƙasa, in ƙara 0.05. In yatsu sun fara canja wuri ko wani ya fara tsirowa, yayi sama, in rage. Da kaɗan kaɗan ake motsa shi, tsakanin 0.45 da 0.55 ma akwai tazara mai yawa.

Wani lokacin hannun ya wuce a yi masa kwaskwarima, ya dunƙule ba ka gane gaba ba ka gane baya. A irin wannan ina sa wani a shago ya yi irin riƙon, in ɗauka da waya daga kusurwa ɗaya da ta hoton, in yanko hannun in manna, in daidaita girma da kala, sai in bi ta kai da dinois 0.5 zuwa 0.55 ya maida shi zane. Ya fi mun sauri akan kokawa da ControlNet, ƙarin nan da ke sa injin ya bi siffar wani hoton da ka bashi, duk da shima yana yi, sai dai in za ka yi amfani da `dw_openpose_full` to hoton hannu mai lafiya za ka bashi, dan ƙashin da yake zanawa ɗigo 21 ne na yatsu biyar, in ka bashi mai shida ruɗewa yake.

Lallen sai a can ƙarshe na mayar dashi, da hannu, a leya daban da aka sa a `Multiply` dan inuwar fata ta dinga fitowa ta ƙasansa. Na kalli hoton asali na kwaikwayi manyan furannin da jan kan yatsu. Ban sake bi da injin ta kai ba, dan da ya gani zai fara neman yatsu a ciki.

Sai haƙora. Ka ɗauki duk wani zanen katun mai kyau ka duba bakin, mai zanen baya zana haƙori ɗaya bayan ɗaya, farin zirin guda yake yi, wataƙila da ɗan alamar rabuwa a sama kusa da dasashi. Injin kuma ya ga hotunan mutane ya ga zane, sai ya tsaya a tsakiya, yana so ya raba haƙoran ga wuri babu, shine suke narkewa. Shi yasa rubuta `perfect teeth` ko `detailed teeth` ke ƙara ɓata abin a katun, sai ya jero maka ƙananan haƙora barkatai da baƙin layi tsakanin kowanne, murmushin amarya ya koma abin tsoro.

Nan ma zane na fara yi. Na cike cikin bakin duka da ja mai duhu sosai, sannan na ja farin ziri ɗaya yana bin lanƙwasar leɓen sama, mai kauri a tsakiya yana sirancewa zuwa gefe, na bar ɗan duhu a kusurwoyin baki biyu. Haƙoran ƙasa ban zana su ba sam, a murmushi irin nata dama ba sa fitowa sosai. Farin ma ba fari tas ba, mai ɗan ruwan madara na saka, dan a kan fata mai duhu fari tas yana tsalle ya fito ya janye ido daga komai, musamman in an buga a takarda. Mas ɗin ya haɗa da leɓɓa duka, padin ɗin kuma na barshi 64 dan hanci da haɓa su shigo cikin abinda yake gani, in ba haka ba bai san ina tsakiyar fuska take ba sai ya karkatar da bakin. Dinois 0.3 zuwa 0.35 ya isa, aikinsa kawai ya goge alamar burushi ya sa inuwa a ƙarƙashin leɓe. Furomt:

```
cartoon illustration, gentle smile, simple white teeth, dark brown skin
```

Da na tura wa yayar samfur a wannan matakin, amsar da ta bani ita ce, Malam ai wannan ba ita bace, ina wushiryar? Nace Hajiya tana tafe, ita ce ta ƙarshe. Gaskiyarta ne kuwa, duk kyan da bakin yayi, ba wushirya ba amaryar. Injin kuma wushirya a wurinsa aibi ce, a ƙaramin dinois yana toshe ta, in ka rubuta ta a furomt kuma yakan buɗa ta har ta zama kamar giɓi. Wannan abin yana mun ciwo gaskiya, dan abinda mu muke gani ado shi gogewa yake. Haka yake yi wa haƙorin Makka, haka yake yi wa zanen fuska na gado, sai ya share su ko ya maida su kamar tabon rauni. Duk irin waɗannan da hannu nake mayar dasu bayan injin ya gama. Wushiryar na ja ta da burushi mai kaurin fiksel 3, da kalar cikin bakin ba baƙi ba, ta ɗan fi faɗi a ƙasa, kuma daidai ƙarƙashin ɗan kwarmin nan da ke tsakanin hanci da leɓe. In ta kauce daga nan ko kaɗan fuskar sai ta zama kamar a karkace.

Ido shine yafi cin lokaci na, dan nan mutum yake fara kallo. Kafin in taɓa komai ina juya hoton hagu ya koma dama, a Krita harafin M kawai za ka danna. Idonka ya riga ya saba da hoton yana yafe masa, da ka juya sai aibin ya bayyana. Sai in duba ko ƙwayoyin biyu girmansu ɗaya, ko wuri ɗaya suke kallo, ko ɗan farin ɗigon haske yana ɓangare ɗaya a duka biyun, da kuma kaurin kwalli da gashin ido. Amma a kula, in fuskar ta ɗan juya gefe, idon da ke nesa dole ya fi ƙunci, wannan ba aibi bane, in ka daidaita su sak fuskar za ta baje. Tsayinsu daga sama zuwa ƙasa ne ya kamata ya zo kusan ɗaya, faɗi kuwa yana iya bambanta.

In bambancin kaɗan ne, mas ɗaya nake shafawa ya rufe idanu biyun tare da karan hancin da ke tsakani. In ka shafa ido ɗaya kawai da ƙaramin padin, injin baya ganin ɗan uwansa, zai zana maka ido mai kyau amma na wata daban. Ga lissafin a hoton nan, mas ɗin faɗinsa wajen fiksel 180, ka ƙara 64 hagu 64 dama ya zama 308, wannan ake buɗawa ya kai 512, sai idon da yake 48 ya koma wajen 80, gida 10 kenan maimakon 3 na farko. Shi yasa a nan yake iya fitar da ƙwaya da ɗigon haske da layin kwalli kowanne daban. Kaga kuma illar cika padin, in ka kai shi 200 wurin da aka yanko ya yi faɗi, buɗawar ta tashi a banza.

Nata bambancin yayi yawa, dan haka na ɗauki na daman mai kyau na kwafa zuwa hagu. A nan akwai tarkon da ke kama mutane da yawa. In ka kwafi ido ka juya shi gaba ɗaya, ƙwayar ma ta juya. Amaryar tana ɗan kallon gefe ne, to idon da aka juya zai kalli ɗaya gefen, sai ta fito harara garke, ɗigon hasken ma ya koma ɗaya ɓarin kamar fitila biyu aka haska mata. Yadda nake yi shine kashi biyu. Fatar ido da kwalli da gashin ido da farin, su nake juyawa dan kusurwar ciki ta fuskanci hanci. Ƙwayar da ɗigon haskenta kuwa a leya daban nake kwafarta ba juyi, in ajiye ta yadda za ta kalli inda ɗayar ke kallo, in goge samanta kaɗan ta shiga ƙarƙashin fatar ido. Na ɗan matse faɗin sabon idon tunda shine na nesa. Sannan mas a kan biyun, dinois 0.3, da wannan:

```
cartoon illustration, dark brown eyes, black eyeliner, looking to the side, dark brown skin
```

Kalar idon dole ka rubuta ta. In ka bari, modal ɗin katun da yawa shuɗi ko kore ko ruwan zuma suke jawowa, da dinois ya haura 0.4 za ka fara ganin ƙwayar tana washewa.

Za ku ga a kowane furomt sai na maimaita `dark brown skin`, ba mantuwa bace. Duk sanda aka yanko ɗan wuri aka sake zanawa, fatar tana son yin haske, kaɗan kaɗan, ba za ka lura ba sai ka ja baya kaga kewayen ido ko baki ya yi fari fari kamar an shafa hoda a wurin kawai. In ka yi gyara uku huɗu a fuska ɗaya sai ta zama dabbare dabbare. Rubuta kalar yana ragewa, ƙaramin dinois yana ragewa, kuma in da LoRA, ɗan ƙaramin modal da ake ɗorawa kan babban dan ya ba da wani salo, ka yi hoton asali to ka barta a furomt ɗin gyara da nauyinta ɗaya, in ba haka ba kaurin layi ma zai bambanta. Abinda yafi duka shine bana karɓar sakamakon injin kai tsaye. Ina ɗora shi a kan na baya a Krita, in goge duk abinda ban buƙata da burushi mai laushi, in bar idon kawai ko haƙoran kawai, fatar kewaye ta zama ta asali. Dan in gane ko akwai tabo, ina maida hoton baƙi da fari na ɗan lokaci in ƙara masa kwantaras sosai, duk inda aka yi faci sai ya fito fili.

Wasu za su ce ai ADetailer, wani ƙari da ake sakawa a AUTOMATIC1111, yana yin duk wannan da kansa. Eh yana yi, yana gano fuska da `face_yolov8n.pt` ya shafa mas ya sake zana ta a dinois 0.4, kuma ina amfani dashi in hoton taro ne, ƙawayen amarya a baya waɗanda ba wanda zai ce lallai sai sun yi kama da wance. Amma fuskar da ake so a gane mai ita, sake zana ta duka yana canja hanci da tsayin haɓa, kuma wushirya da zane sune farkon tafiya. Ga mai amfani da manhajar ComfyUI a madadin AUTOMATIC1111 kuma, `VAE Encode (for Inpainting)` yana share abinda ke ƙarƙashin mas ne, da dinois 1.0 yake aiki, dan haka zanen da kayi da hannu ba zai amfane ka ba a nan, `Set Latent Noise Mask` shine ke barin ka sauko ƙasa.

Akwai kuma inda bana ɓata lokaci. In kai ya karkace ba daidai da wuya ba, ko idanu biyun duka ba mai kyau da zan kwafa kuma kamannin ma da ƙyar ne, ko fuskar ƙarama ce can a hoton tsaye na mutum duka, gara in sake fitar da hoton daga ƙirji zuwa sama yadda fuska za ta samu wuri tun farko. Gyara irin wannan na hoton da ya riga ya yi kama ne.

Da na gama sai na sake ƙara girma dan bugawa, kalandar A3 ce, a 300 dpi tana son 3508x4961, memo kuma ƙarami ne ba matsala. Bayan ƙarin girman na sake duba wushiryar da ɗigon hasken ido, dan mai ƙara girman yakan laushe ƙananan abubuwa irin su, na ɗan ƙara musu kaifi da burushi. Duk matakan a PNG nake ajiyewa, kowanne da lambarsa, dan in kwastoma tace na baya yafi in samu inda zan koma. Wajen turawa mai firinta ta WhatsApp kuma a matsayin `Document` nake tura fayil ɗin, in ka tura shi a hoto zai matse shi, layin lalle da gefen haƙora su fara dishi dishi. Na sa aka fara buga gwaji ɗaya a irin takardar da za a yi aikin da ita, fatar ta fito ta fi ta sikirin duhu har baƙin lallen ya kusa nutsewa a ciki, sai na ɗaga hasken tsakiya kaɗan a hoton duka, ban taɓa farin haƙora ba, sannan aka buga sauran.